Kurakuran da masu tafiya Umra ke yi da takardar tikitin jirgi

Wani kawuna daga Talata Mafara ya kira ni daga Jidda ranar da ya ɗauka ita ce ranar dawowarsa gida, muryarsa na rawa. Ya ce, "Ɗana, ga ni a filin jirgi, sun ce wai jirginmu ya tashi tun jiya da dare." Na ce, "Kawu, don Allah karanto mini abin da ke gaban JED a takardarka." Yana karantowa na gane inda gizo ke saƙar. Takardar tasa kusan haka take, na ɗan sauya lokutan don misali:

```
KAN 10MAR 1330  ADD 2010  OK 2PC
ADD 11MAR 0015  JED 0245  OK 2PC
JED 24MAR 0345  ADD 0615  OK 2PC
ADD 24MAR 0900  KAN 1140  OK 2PC
```

KAN Kano ce, ADD Addis Ababa, JED kuma Jidda. Layi na uku ne ya ci kawu. 0345 na nufin ƙarfe huɗu saura kwata na asuba, domin tikiti yana ƙirga awa 24 ne, kuma rana tana sauyawa da ƙarfe goma sha biyun dare. In 24 ga wata ta kama Juma'a, to tun daren Alhamis wayewar Juma'a ake barin masauki, a isa filin jirgi aƙalla awa uku kafin tashi. Shi kuwa ya ga 24, ya ga uku da wani abu, sai ya bari aka sauko daga masallaci sannan ya nemi mota. Duk lokacin da ka ga lambar ta fara da 00 zuwa 05, ka rubuta ranar da ta gabace ta a bayan takardar da manyan baƙi, ita ce ranar tashinka daga masauki. Ka kuma sani kowane lokaci na agogon garin da aka rubuta ne. Saudiyya da Habasha sun riga Najeriya da awa biyu, shi ya sa tashi 1330 da sauka 2010 ba awa shida da minti arba'in ba ne a sama, awa huɗu da minti arba'in ne.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne abin da ya biyo baya. Wanda bai zo ba har jirgi ya tashi, kuma bai sanar ba, ana rubuta masa NO SHOW, na'ura kuma takan soke duk sauran zangunan da ke cikin tikitin. Ba Jidda zuwa Addis kaɗai kawu ya rasa ba, har da Addis zuwa Kano. Dokar ita ce a bi zanguna bi da bi. Saboda haka wanda ya baro Gusau da hantsi, ya maƙale tsakanin Tsafe da Funtuwa, ya rasa jirgin Kano, kada ya ce zai sayi wani tikitin zuwa kawai ya ajiye na dawowa. Na dawowar ya tafi tare da na zuwan, sai fa in an gyara. Da zarar ka ga ba za ka kai ba, kira wanda ya yankar maka tikitin ya cire ka daga jirgin kafin lokacin tashi. Wasu kamfanoni suna da wa'adin awoyi kafin tashi, yana rubuce a sharuɗɗan kuɗin tikitin. Tun ran gini, tun ran zane: ka tambayi wannan wa'adi ranar da ka biya kuɗi.

Sai maganar canza rana, wadda ta sha haddasa rigima tsakanin matafiyi da ejan. Mutum zai ji an ce kuɗin canji dala 100, ya zo da dala 100, a ce masa 280, ya ɗauka cuta ce. Sau da yawa ba cuta ba ce. Kujerun aji ɗaya ana sayar da su kan farashi daban-daban, kowane farashi da harafinsa, za ka gan shi a ƙarƙashin CLASS. A ce ka sayi naka kan dala 700, a sabuwar ranar kuma kujerun wannan farashin sun ƙare, mafi araha da ya rage 880 ne. Za ka biya tarar canji 100, ka cika gibin 180. In kuma ka riga ka zama NO SHOW, a ɗora tarar wannan a kai, wani tikitin ma ya mutu ke nan. Ko an rubuta canji kyauta ne, tarar kawai aka yafe, cikon yana nan. A goman ƙarshe na azumi kuwa cikon kan fi tarar nesa ba kusa ba. Ka ce wa ejan ya raba maka lissafin gida biyu, tara nawa, ciko nawa, ya kuma duba kwana ɗaya gaba ko baya, wataƙila harafinka yana nan.

Kaya kuma, 2PC jaka biyu ake nufi, kuma a ƙaramin aji yawanci kilo 23 kowace. Ba kilo 46 ba ne da za ka raba yadda ka ga dama. Na ga hajiya durƙushe gaban sikeli, ta kwance ƙatuwar jaka mai kilo 35, dabino da abayoyi da darduma a zube a ƙasa, alhali ɗayar jakar kilo 9 ce kacal. Jimillar ba ta kai 46 ba, amma an ƙi karɓa, domin jaka ɗaya in ta haura kilo 32 ba a ɗaukarta ko da za ka biya, tsakanin 23 da 32 kuma kuɗin ƙarin nauyi ne. In ka ga 30K a maimakon 2PC, to nauyi ake ƙirgawa a jimlace, kilo 30. Ka duba kowane layi, kada ka tsaya a na farko. Wanda kuma ya sayi tikitin cikin gida daban, misali Abuja zuwa Sakkwato ko Birnin Kebbi, kason kayansa na jirgin waje ba ya bin sa, na cikin gida ya fi ƙanƙanta, kuma in jirgin farko ya makara na biyun ba ruwansa. Ruwan Zamzam ma ka tambaya tun a gida ko kamfanin yana ɗaukar jarkar nan ta lita 5 a wajen kasonka.

Maido da kuɗi a taƙaice: NONREF ko NON-REFUNDABLE na nufin in kai ka fasa, ainihin kuɗin tikitin ba ya dawowa, ko da yake wasu harajin da ba a yi amfani da su ba ana iya nemansu. In kamfanin ne ya soke tashi, magana ta sauya, kana da haƙƙin a sa ka a wani jirgin ba tare da tara ba ko a mayar maka da kuɗinka, kuma in an ƙi kana iya kai ƙorafi hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA. Kuɗin ta hannun wanda ya yanki tikitin yake komawa, don haka ka adana rasidinsa.

Kafin ka miƙa cikon kuɗinka, ka nemi lambar tikiti mai alƙaluma 13. Lambar nan mai baƙaƙe shida, PNR, kujera kawai ta kama maka, tana iya faɗuwa in ba a biya a kan lokaci ba. Ka shiga shafin kamfanin da ita da sunan ƙarshe, ka ga lambar tikitin ta fito, sannan ka ɗora takardar kan fasfonka ka bi sunan baƙi bayan baƙi. In fasfo ya ce MUHAMMAD tikiti ya ce MOHAMMED, a gyara tun kana Gusau.