Kurakuran da aka fi yi wajen lissafin samun kati a hannun farko

Tambayar ba ta canzawa. Tarin katinka 60 ne, akwai wani kati da ka saka kwafi 4 nasa, ka ja 7 a hannun farko kamar yadda ake yi a Magic: The Gathering da Pokémon. Mene ne damar ka gan shi? Amsar ita ce kashi 39.9 cikin 100. Amma in ka tambayi sababbin 'yan wasa za ka ji 46.7, ka ji 33.6, wani ma ya ce maka 6.3, kuma kowa zai rantse cewa lissafi ya yi. Lissafin kam ya yi, sai dai wata tambaya daban ya amsa. Na gaji da gyara wannan ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na tara su a nan.

Abin da ke ƙarƙashin maganar shi ne rabon haifajiyometirik, wato lissafin ɗibar abu daga tari ba tare da an mayar da wanda aka ɗiba ba. Lamba huɗu yake nema: yawan katin tarin, yawan kwafin da kake nema, yawan katin da za ka ja, da kuma guda nawa kake son gani. Ni dai kullum daga baya nake farawa, in tambayi damar katin ya ƙi zuwa gaba ɗaya. A jan farko, 56 cikin 60 ba shi ba ne. A na biyu saura 55 cikin 59, domin kati ɗaya ya bar tarin. Haka za ka ci gaba har sau bakwai:

```
56/60 × 55/59 × 54/58 × 53/57 × 52/56 × 51/55 × 50/54 = 0.6005
1 − 0.6005 = 0.3995
```

Wato a hannu goma, kusan shida babu katin, huɗu kuma akwai aƙalla guda. Riƙe wannan lambar, domin da ita za mu auna sauran.

Kuskuren da ya fi ba ni haushi shi ne tarawa. Mutum ya ce kowane ja yana da damar 4 cikin 60, ja bakwai ne, to 28 cikin 60, kashi 46.7 ke nan. Lambar nan tana da ma'ana, amma ba dama ba ce. Matsakaicin yawan kwafin da ke zuwa hannu ne, kusan rabin kati. Ta fi ainihin damar yawa saboda hannun da kwafi biyu suka zo tare an ƙirga shi sau biyu, alhali kai hannu ɗaya ka riƙe. In kana son kama kanka da kanka, sa kwafi 10 a madadin 4. Tarawa za ta ba ka 70 cikin 60, abin da ya wuce kashi 100, kuma duk lissafin da zai iya wuce ɗari ruɓaɓɓe ne tun daga tushe. Amsar gaskiya da kwafi 10 ita ce kashi 74.1.

Wannan cutar tana da ƙanwa, kuma ita ce ta taɓa cinye mini gasa. Na haɗa tarin da ba ya motsi sai da katin buɗe wasa a hannun farko. Iri biyu nake da su, kowanne kwafi 4. Kowanne kashi 40 ne, na tara na samu 80, na ce hannu huɗu cikin biyar lafiya lau, har na cire wasu katunan taimako na sa manyan da nake sha'awa. Ranar gasar sai hannu ya riƙa zuwa fayau, ina ta zargin cakuɗa da rashin sa'a. Ba sa'a ba ce. In kati biyu aiki ɗaya suke yi, to ka ɗauke su kati ɗaya mai kwafi 8, ka sake lissafin daga farko da 52 cikin 60, 51 cikin 59, har sau bakwai. Damar rashinsu duka 0.346 ce, damar samu kuma kashi 65.4. Tsakanin 80 da 65 ba ɗan bambanci ba ne. A 80, hannu ɗaya cikin biyar ne zai ci amanarka. A 65, ɗaya cikin uku ne, kuma a gasar da ake wasa da yawa a jere babu yadda za a yi ka tsira. Har yau in na ga mutum yana tara kaso da kaso a gefen takarda sai in ji kamar in ƙwace biron. Tun daga lokacin, kafin in taɓa lissafi sai na rarraba tarin gida-gida bisa aikin da kowane kati yake yi, ba bisa sunansa ba. Wasu suna ganin ɓata lokaci ne. Ni ban sake shiga gasa ba tare da na yi haka ba.

Na biyu a girma shi ne rikita “guda ɗaya cif” da “aƙalla guda ɗaya”. A nan ne masu amfani da manhaja suke faɗawa, kuma sun fi kowa taurin kai saboda na'ura ce ta ba su lambar. Mutum ya buɗe Excel ya rubuta ɗaya a gurbin farko na `HYPGEOM.DIST`, wato gurbin guda nawa yake son gani, ya samu 33.6, ya tafi da ita. To ai wannan damar zuwan kwafi ɗaya tak ce. Hannun da ya zo da biyu, wanda damarsa 5.9 ce, an jefar da shi kamar asara, haka ma mai uku da damarsa ta kusa 0.4. Wa ya taɓa yin kuka don katin da yake nema ya zo masa biyu? Tara 33.6 da 5.9 da 0.4 ka ga ka dawo kan 39.9. A nan tarawa halal ce, domin hannu ɗaya ba zai zama mai kwafi ɗaya kuma mai kwafi biyu a lokaci guda ba.

Wanda ya ɗan waye sai ya ce ai ya san da wannan, ya kunna tarawar da ke cikin manhajar ya cire daga ɗaya, amma ya bar lambar a ɗaya. Abin da manhajar ta tara masa shi ne damar sifili da ta ɗaya, 93.7, ya cire ya samu 6.3, wato damar kwafi biyu ko fiye. Daga nan sai ka ji yana cewa katin ba ya zuwa, a cire shi. Malam, sifili za ka rubuta:

```
=1-HYPGEOM.DIST(0,7,4,60,FALSE)
```

A Python ma tarkon yana nan. `sf` tana ba da damar abin da ya fi lambar da ka rubuta, ita kanta lambar ba ta ciki, don haka aƙalla ɗaya yana nufin ka sa sifili. Jerin lambobin kuma ya saɓa da na Excel, yawan tarin ne ke zuwa bayan sifilin:

```python
from scipy.stats import hypergeom
hypergeom.sf(0, 60, 4, 7)   # 0.3995
```

In ka musanya 4 da 7 a ko wanne daga cikinsu amsar ba ta canzawa, don haka kada wannan ya hana ka barci. Gurbin 60 ne ba a wasa da shi. Al'adata ita ce duk kayan lissafin da na samu sabo, sai na fara ba shi 60 da 4 da 7. In bai ce 0.3995 ba, to ni ne ban gane yadda ake tambayarsa ba.

Akwai masu ɗaukar 56 cikin 60 su ninka shi da kansa sau bakwai su cire daga ɗaya, kamar ana mayar da kowane kati tari bayan an ja. Wannan lissafin bainomiyal ne, yana ba da 38.3. Kuskure ne, amma ƙarami a nan. Yana girma ne in tarin ƙarami ne ko jan ya yi yawa.

Sai maganar haɗin kati biyu, inda kake bukatar wannan da wancan duka a hannu. Kusan kowa ninkawa yake yi, 0.3995 sau 0.3995, ya samu kashi 16. Ninkawa tana aiki ne in abu biyun ba su shafi juna ba, alhali a hannu mai gurbi bakwai sun shafi juna: da zarar na farko ya zauna a gurbi ɗaya, shida suka rage wa na biyu. Hanyar da nake bi ita ce in cire damar rashin na farko, in cire damar rashin na biyu, sannan in mayar da damar rashinsu duka tunda na cire ta sau biyu:

```
1 − 0.6005 − 0.6005 + 0.3464 = 0.1454
```

Kashi 14.5 ke nan, ba 16 ba. Ratar ba ta da yawa, amma kullum ɓangaren da zai faranta maka rai take karkata, shi ya sa ba na yarda da ita.

Abin dariya shi ne inda ya kamata a ninka, nan ne ake jin tsoro. In ka yi maligan, hannun ya koma tari an sake cakuɗawa, to ja na biyu bai san abin da ya faru a na farko ba. A dokar maligan ta Landan da Magic ta ɗauka a 2019, kati bakwai kake sake ja kafin ka mayar da ɗaya ƙasan tari, don haka bakwai za ka lissafa, ba shida ba. Damar rasa katin sau biyu a jere ita ce 0.6005 sau 0.6005, wato 0.3606, damar ganinsa kuma kashi 63.9. Sai dai lambar nan ta ɗauka cewa za ka jefar da duk hannun da babu katin komai kyansa, ka kuma riƙe duk wanda yake da shi ko da babu ko ɗaya daga katunan ƙasa, waɗanda ake biyan kuɗin sauran katuna da su. Babu mai hankalin da ke wasa haka, don haka ka ɗauke ta a matsayin iyakar sama.

Sauran ƙananan duk a ƙirga ne. In kai ne na biyu a wasan Magic na mutum biyu, kati 8 ka gani kafin ka yi motsin farko, damar ta tashi daga 39.9 zuwa 44.5. A Yu-Gi-Oh! lambobin daban ne, tari mafi ƙanƙanta 40, kwafi 3, hannu 5, amsar 33.8, kada ka ɗauko kashi 40 ɗin Magic ka kai can. A tsarin Commander na Magic kati 99 ake cakuɗawa tunda katin kwamandan yana waje, don haka katin da ke kwafi ɗaya damarsa 7 cikin 99 ce. Ƙara kati na 61 a tari yana sauke 39.9 zuwa 39.4 ne kawai, bai kai hayaniyar da ake yi a kansa ba, ko da yake ragin yana taɓa kowane kati mai kyau da ke tarin. Katin da ke nemo maka wani kati kuwa, ba na ƙirga shi kwafi cikakke sai in zan iya biyan kuɗinsa a zagayen da nake bukatar abin da zai nemo. In ba zan iya ba, lissafi biyu nake yi, ɗaya da shi ɗaya babu shi, in gina tarin a kan ƙaramar lambar.