Saƙo ga maƙwabci kan hayaniyar dare: inda ake kuskurewa

Yawancin saƙonnin da ake aika wa maƙwabci kan ƙarar dare a jimlar farko suke lalacewa. "Kana hana mutane barci." Mai karantawa tun bai kai ƙarshe ba ya fara shirya yadda zai kāre kansa, maganar rage sauti kuma ta bi ruwa. Shi ya sa ake ba da shawarar ka yi magana ta bakin kanka, ka faɗi abin da ya same ka. Masanin halayyar ɗan Adam Thomas Gordon ne ya yaɗa wannan salo a shekarun 1960, kuma abu uku ya ƙunsa: abin da ya faru ba tare da hukunci ba, yadda ya shafe ka, da yadda ka ji.

Kuskure mafi yawa shi ne a ɗauka fara jimla da "ina" ya wadatar. Mutum sai ya rubuta, "Ina ganin ba ka damu da haƙƙin maƙwabta ba," yana tsammanin ya sassauta. Zargi ne dai, sai dai an sa masa riga. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: karanta kowace jimla, ka tambayi kanka ko maƙwabcin zai iya cewa ba haka ba ne. Zai iya musanta cewa bai damu ba, domin zuciyarsa ka shiga. Amma in ka ce, "Daren Talata na farka wajen ƙarfe ɗaya, ina jin kiɗa ta bangon ɗakina," babu abin musu, don kunnenka ne ya ji.

Wannan yana da muhimmanci saboda sau da yawa mutumin bai ma sani ba. Sauti mai kauri, irin dukan ganga da ke fita daga lasifika, ya fi siririn sauti ratsa bango da daɓe. Shi a ɗakinsa yana jin kiɗan daidai misali, kai kuwa dum-dum ɗin kaɗai ke iso maka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ƙarar cikin ɗakin kwana ta wuce desibel 30 da dare, kusan ƙarfin raɗa ke nan. Ka ga ashe ba sai ya ƙure sauti ba kafin ya tashe ka. Saƙon da ya ɗauka da gangan yake yi ya zalunce shi tun daga tushe.

"Kullum" da "ko yaushe" ma a bar su. Da ya tuna dare ɗaya da bai kunna komai ba, shi ke nan ka zama mai ƙari. Faɗi ranaku da lokaci. Haka kuma "duk mutanen gidan nan suna ƙorafi": zai ji an zauna an yi da shi, sai kunya ta koma fushi. Ambaton mai gida ko hukuma a saƙon farko kuwa barazana ce, ko da an lulluɓe ta da "ba na so ta kai ga".

Akwai kuma masu zarcewa ta ɗaya ɓangaren. Sai ban haƙuri layi biyar, "ba wani abu ba ne dai", har maƙwabcin ya gama karantawa bai gane ana son ya canja komai ba. "A ɗan rage" bai gaya masa me zai rage ba, ko daga ƙarfe nawa. Buƙata ɗaya, wadda zai iya yi a daren nan, ita ce cikon saƙon.

A ce ɗakin kwananka ya haɗa bango da falonsa. Ga yadda za ka iya rubutawa:

"Salamu alaikum, Malam, barka da rana. Maƙwabcinku ne na ɗakin gefe. Daren Talata da na Alhamis na farka wajen ƙarfe ɗaya, sautin kiɗa yana shigowa ta bangon ɗakin kwanana. Ƙarfe biyar nake tashi don aiki, in na farka kuma barcin ba ya dawowa, sai in wuni a gajiye. Ina kyautata zaton ba ku san yana ratsowa haka ba. Don Allah ko za a iya rage kaurin sautin daga ƙarfe 11, ko a ɗan janye lasifikar daga jikin bangon? In da abin da ke damun ku daga nawa ɓangaren, ku sanar da ni. Na gode."

Lura da maganar janye lasifika. Ta ba shi mafitar da ba sai ya bar kiɗansa ba, kuma tana aiki da gaske, domin lasifikar da ke manne da bango tana tura girgiza kai tsaye cikin ginin.

Kada a aika cikin daren, rai a ɓace. Rubuta ka ajiye, ka sake dubawa da safe. In ya rage, ka yi masa godiya washegari. In kuma ƙarar ta dawo bayan mako, tunatarwa ta layi biyu ta isa, da sabuwar rana da lokaci, ba tare da tono na baya ba. Sai in wannan ma bai yi ba ne za ka nemi ku zauna ku yi magana baki da baki.