Yadda ake ware wa kuloroks da maganin ƙwari wurinsu a ƙaramin gida

A Jidda da Makka da yawa daga cikinmu a ɗaki ɗaya ko biyu muke zaune, kicin ɗin kuwa ɗan lungu ne. Shi ya sa za ka tarar da buhun shinkafa, da galan ɗin kuloroks, da maganin kyankyaso duk a ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Ga kuma al'adar nan ta maƙwabta: mutum ɗaya ya sayo babban galan saboda ya fi araha, a raba a robobin ruwan sha. Kuloroks a robar ruwa, a idon yaro ɗan shekara biyu da ya shigo da ƙishirwa, ruwa ne. Babba ma da ya tashi sahur da magagin barci yana iya kafa kai.

Fara da fito da komai tsakar ɗaki ka raba gida biyu: abin da ke shiga baki, da abin da ba ya shiga. Kashi na biyun ya haɗa da kuloroks, filash na wanke masai, ditol, kananzir, maganin feshi da na ɓera.

Sannan ka bi robobin ruwa da na lemo ɗaya bayan ɗaya. Duk wadda ka san an ɗura mata magani, ta gama aiki a gidan. Idan kuloroks ne ɗan kaɗan, zuba shi a masai shi kaɗai ka kora da ruwa mai yawa. Wadda ba a san abin da ke ciki ba, kada a ɗanɗana, kada a kafa hanci, kada kuma a juye ta cikin wata. Rubuta suna a jikin roba ba ya wadatarwa, domin yaro bai iya karatu ba, siffar robar ya sani. Kwalbar asali ita ce ke da murfi mai wuyar buɗewa da takardar da likita zai duba ya san abin da aka sha. In kuɗi bai kai na babba ba, a sayi ƙarama a baƙala. Jarkar Zamzam da ta ƙare kuwa, a nan na fi tsananta, don ita ce jarkar da kowa ke sha daga cikinta ba tare da tambaya ba.

Sai wurin ajiya. A samu kabad mai makulli, ko akwatin roba da za a sa wa kwaɗo, a wajen kicin, inda yaro ba zai kai ba ko ya taka kujera. Kada ya kasance a saman abinci: murfi ɗaya ya yi yoyo, gari da sukarin da ke ƙasa sun tashi daga aiki. A cikin akwatin ma a raba kuloroks da filash. Filash asid ne, idan ya haɗu da kuloroks iskar kulorin ce ke tashi, mai sa tari da ƙunar ido da sarƙewar numfashi, balle a banɗakin da ba taga. Gwangwanin feshi kuma ba ya son zafin da ya wuce digiri 50, mota da aka ajiye a rana a nan kuwa tana wuce haka.

Ranar feshi, a rufe tukwane da kwanuka, a mayar da dabino da burodi cikin firij, a fitar da yara. Bayan an buɗe tagogi iska ta ratsa, a wanke inda ake yanka da girki da sabulu. Ƙwayar nan ta alminiyam fosfaid da wasu ke sayarwa a ɓoye don kuɗin cizo, ba ta da wurin ajiya a gida ko kaɗan. Ta rumbun hatsi ce, danshi na taɓa ta take fitar da iskar guba da ke ratsawa har ɗakin maƙwabci, ta kuma hallaka mutane a gidajen haya a ƙasar nan.

To, a ce an tarar da yaro da roba a hannu, bakinsa na warin kananzir. Kada a tura masa yatsa ya yi amai, domin a lokacin aman ne kananzir ke faɗawa huhu. Kada a ɗura masa manja ko madara da sunan karya dafi. A goge masa baki, a cire rigar da ta jiƙe, a wanke fatar da ruwa. Idan yana tari, ko numfashi na yi masa wuya, ko jikinsa ya saki, a kira motar asibiti a 997. Idan garau yake, a kira 937 na Ma'aikatar Lafiya nan take a faɗi abin da ya sha, da yawansa, da lokacin, domin illar kananzir a huhu takan ɗauki sa'o'i kafin ta bayyana. In za a tafi asibiti, a tafi da robar.