Yadda Na Gyara Saƙon Ban Haƙuri da Faransanci

Ranar Juma'a ya kamata in miƙa rahoton wata ga shugabata a Yamai, amma ban gama ba. Saƙon farko da na rubuta layi goma ne: ɗauke wuta, rashin lafiyar yaro, ga « Je suis vraiment désolé », wato ina matuƙar ba da haƙuri, har sau uku. Da na sake karantawa sai na ga kamar roƙo nake. Na rage shi ya koma « Désolé pour le retard », wato a yi haƙuri da jinkirin, wannan kuma na tsakanin abokai ne, shugaba za ta ɗauka ban damu ba.

Matsalar tana wajen kalmar aikatau. Na ajiye « je m'excuse » gefe, domin wasu na jinsa kamar mutum ya yafe wa kansa. Na rubuta « Je vous prie de m'excuser pour ce retard », wato ina roƙon ki yi mini afuwa kan wannan jinkiri, sau ɗaya tak. Dalili jimla guda, na ɗauki laifin: « J'ai sous-estimé le temps nécessaire », wato ban ƙiyasta lokacin daidai ba.

Sai alkawari: « Vous recevrez le rapport lundi avant midi », wato za ki samu rahoton ranar Litinin kafin sha biyun rana. Na guji « dès que possible », wato da zarar an samu dama, tunda ba ya faɗin rana. Litinin ƙarfe goma na tura rahoton.