Yadda Ake Bin Hawa da Saukar Ruwan Rijiya Daga Damina Zuwa Rani

Rijiyar da ke ƙafewa duk watan Afrilu yawanci ba ruwa ne ya ƙare a ƙarƙashinta ba. Ruwan ya sauka ne ƙasa da gindinta, saboda an haƙa ta lokacin da ƙasa ke ƙoshe, mahaƙi ya ga ruwa ya tsaya. Da igiya da tef da littafin rubutu, mutum zai iya sanin iyakar inda ruwan gidansa ke hawa da inda yake sauka, ya kuma gane irin ruwan da yake sha.

Da farko a san abin da ake aunawa. A ƙarƙashin ƙasa ruwa yana zaune ne a cikin ƙananan kofofi tsakanin yashi da tsakuwa, ko cikin tsagar dutse. Ruwan sama yana tsumawa har ya kai inda duk kofofin suka cika, kuma saman wannan cikakken wuri shi ne fuskar ruwan da kake hangowa in ka leƙa rijiya. Idan daga doron ƙasa har zuwa can babu abin da ya tare hanya, wannan shimfiɗar ƙasa mai riƙe ruwa buɗaɗɗiya ce: damina na ciyar da ita kai tsaye, rani na rage ta. Irinta ce a yawancin Kano, inda ruwan ke cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke saman dutse mai tauri. Idan kuwa yashin mai ruwa yana ƙarƙashin laka mai kauri wadda ruwa ba ya ratsawa, shimfiɗar rufaffiya ce. Ruwanta daga nesa yake shigowa, daga inda yashin ya fito fili a wuri mai tudu, don haka a matse yake.

Aikin awon yana farawa daga bakin rijiya. Ka zaɓi wuri guda a kan siminti ka shafa masa fenti, daga nan za a riƙa aunawa kullum, domin in yau ka auna daga gabas gobe daga yamma, karkacewar baki kaɗai ta isa ta ɓata lissafi. Ka ɗaura ƙaramin gwangwani a kife a bakin igiya, ka sa masa ɗan ƙarfe don nauyi. Idan ya taɓa ruwa za ka ji wani sauti, ɓul. Ka ɗaga ka sake saki sau biyu ko uku har ka tabbata, sannan ka kama igiyar daidai fentin, ka jawo, ka auna da tef. Igiyar roba tana miƙewa in ta ji nauyi, gara wadda ba ta ba da kai.

Lokacin awo ya fi komai muhimmanci. Da asuba ake yi, kafin guga ya shiga. In an riga an ɗebi ruwa, abin da za ka auna ramin da ɗiban ya bari ne, ba matsayin ruwan ƙasa ba. Sau biyu a wata ya isa da rani, amma daga Yuli zuwa Oktoba a yi duk mako. A rubuta kwanan wata, da zurfi, da ko an yi ruwa a makon.

Ga yadda littafin zai iya kasancewa. A ce a ƙarshen Mayu ruwa yana mita 11.4 daga fenti. Ruwan farko ya sauka, shuka ta yi, amma ka auna a tsakiyar Yuni ka ga 11.5, wato har yanzu sauka yake. Kada wannan ya ruɗe ka. Busasshiyar ƙasa da saiwoyi da zafin rana su ke shanye ruwan farko, sai ƙasa ta jiƙe sosai sannan rara ke wucewa zuwa can ƙasa. A Agusta sai ka ga ya yi tsalle zuwa 9.5, a farkon Oktoba ya tsaya a 8.2, bayan damina ta kusa ɗaukewa. Daga nan ya juya, da sauri a watannin farko, sannan a hankali har bazara. Daga 11.5 zuwa 8.2, bambancin mita 3.3 ke nan.

Wannan ba ya nufin ruwan sama mai tsayin mita uku ya shiga ƙasa. Kofofin da ke sakin ruwa ɗan kaso ne na jikin ƙasar. In kashi 5 cikin ɗari ne, sai ka ninka milimita 3,300 da 0.05, ka samu milimita 165. Wannan kaɗai ya tsuma cikin duk ruwan shekarar. Shi ya sa shekarar da damina ta ɗan gaza, rijiya ke faɗuwa fiye da yadda mutum ya zata.

Yanzu sai a duba wace irin shimfiɗa ce. Hawa da saukar mita biyu, uku ko fiye da ke bin damina alamar buɗaɗɗiya ce. Rufaffiya ana gane ta tun ranar haƙa: injin ya daɗe yana fito da laka, sai ya huda ya shiga yashi, ruwa kuma ya taso cikin bututu mita da yawa sama da inda aka same shi. Irin wannan rijiyar burtsatse ba ta cika motsi da damina ba. Abin da ke sauke ta shi ne yawan ja, har da na famfon da ke nesa da kai. A Borno, ƙarƙashin Maiduguri da kewayenta, shimfiɗu uku ne: ta sama wadda rijiyoyin hannu ke kaiwa, ta tsakiya a wajen mita 300, da ta ƙasa da ta zarce mita 500. Rijiyoyin da aka haƙa cikin ta tsakiya a shekarun 1960 sun riƙa fitar da ruwa da kansu ba famfo. An bar da yawa suna kwarara dare da rana, ƙarfin ya ragu, wasu suka daina. Abin yana da ciwo, domin tsohon ruwa ne wanda damina ɗaya ko goma ba ta mayarwa.

Akwai tarkon da ke kama mutane da yawa. Wani lokaci 'yar laka ce mara faɗi a mita huɗu ko biyar take tare ruwan damina, alhali ruwa na gaskiya yana can ƙasa. Alamarsa ita ce ya zo da wuri bayan ruwan sama, ya ƙafe ƙarƙaf kafin Fabrairu, kuma rijiyar maƙwabci mai zurfi tana nuna wani matsayi dabam. Irin wannan sai an huda lakar an ci gaba.

Idan littafin ya cika shekara, lambar da za ka riƙe ita ce mafi zurfi. A misalinmu 11.5 ce, don haka gindin rijiya ya kai aƙalla mita 13.5 zuwa 14.5, saboda shekarar fari tana zuwa. Haƙa ko ƙarin zurfi a yi shi a Afrilu ko Mayu, lokacin da ruwa ke ƙasa. Mai sa famfo shi ma ya rataye shi ƙasa da wannan matsayi, ya ƙara da abin da ruwan ke sauka in ana ja.

Lambar Oktoba kuma tana da nata aikin. A fadama, inda ruwa ke tasowa har mita ɗaya ko biyu daga doron ƙasa, ramin masai mai zurfin mita uku yana shiga cikin ruwan sha da damina. A bar aƙalla mita 1.5 zuwa 2 tsakanin gindin ramin da mafi tsayin da ruwa ke kaiwa, a nisanta shi da rijiya kamar mita 30, kuma ya kasance ta gangare, ba ta tudu ba.