Yadda ake warware wasan ƙwaƙwalwar yara masu laka a goshi

Yara uku ne, Audu, Binta da Garba. Audu da Binta akwai laka a goshinsu, Garba kuwa fes yake. Kowa na ganin goshin 'yan'uwansa amma ba ya ganin nasa, ba madubi, ba raɗa. Mahaifinsu ya ce a gabansu duka: "Aƙalla ɗayanku yana da laka a goshi." Sai ya dinga maimaitawa: "Wanda ya tabbata yana da laka ya ɗaga hannu." Dukansu masu kaifin hankali ne, kuma kowa ya san haka game da sauran. Tambayar ita ce: su wa za su ɗaga hannu, kuma a kira na nawa?

Fara da mai laka ɗaya, kada ka tsallake. Da Audu ne kaɗai, zai duba ya ga goshi biyu fes, ya gane shi ake nufi, ya ɗaga hannu tun kiran farko.

To dawo kan mutum biyu. A kiran farko kowa ya yi shiru, don Audu na ganin lakar Binta, ita ma tana ganin tasa. Sai Audu ya ce a ransa: da goshina fes ne, da Binta ba ta ga laka a goshin kowa ba, da ta ɗaga hannu. Ba ta ɗaga ba, ga Garba fes, ashe tawa ta gani. Binta ma lissafin da ta yi ke nan. A kira na biyu suka ɗaga tare.

Inda na ga masu koyo suna tuntuɓe shi ne cewa wai uban bai faɗi sabon abu ba, tunda kowa ya riga ya ga laka. Gaskiya ne kowa ya gani. Amma kafin ya yi magana, Audu bai san ko Binta ta sani ba, don in goshinsa fes ne, ba ta ganin komai. Maganar uban a bainar kowa ce ta sa kowa ya sani, kowa ya san kowa ya sani, haka har ba iyaka. Gwada ka gani: uban ya ja kowane yaro gefe ya raɗa masa wannan magana, ba tare da sauran sun sani ba. Shirun Binta ba zai nuna wa Audu komai ba, ko sau ɗari aka yi kiran.

Ni dai shawarata, rubuta a takarda abin da kowane yaro ke gani, kada ka riƙe a ka. Daga mai laka uku ake rikicewa, don sai ka bi abin da Audu ke zaton Binta na zato game da Garba. Su ukun a kira na uku suke ɗagawa.

Wasan tsibirin masu shuɗin ido ma haka yake: ba wanda ya san launin idonsa, kuma duk wanda ya gano nasa shuɗi ne sai ya bar tsibirin a daren, wato dare ne ya maye gurbin kira. Baƙo ya ce a gaban kowa ya ga mai shuɗin ido. In su 100 ne, kowannensu na ganin 99, zai jira dare na 99 ya wuce ba wanda ya tafi, sai duk su bar tsibirin a dare na 100.