Kafin a saki tallan da aka fassara

Jama'a, duk wanda aka ba shi duba tallan da aka fassara, ya fara karanta Hausar da babbar murya kafin ya kalli Turancin, domin kunne ne ke kama jimlar da ba ta zauna ba.

Bayan haka ya gwada alƙawarin da ke cikin kowannensu. Misali, tallan takin zamani ya ce amfanin gona zai iya ƙaruwa idan aka zuba takin a kan kari, amma fassarar ta ce "zai ninka amfanin gonarka". Sharaɗin ya ɓace, yiwuwa ta koma tabbaci, kuma manomin Dass ko Kumo da bai ga ninki ba zai ɗauka an yaudare shi. Wannan ne kuskuren da na fi jin tsoro, saboda jimlar tana da daɗin ji, mai dubawa zai iya wucewa bai lura ba.

A lura kuma da wanda ake yi wa magana. "Kai, saya yanzu" tsawa ce a kunnen dattijo. "Ku hanzarta" ta fi dacewa, ta kuma haɗa da mata manoma. Idan tallan ya ambaci hekta kaɗai, a ambaci yawan buhu ma, domin da shi manomi yake lissafin taki.